Firiza a kan sola: rabin daƙiƙar da ke kashe inbata da asuba

A bazarar da ta wuce aka kira ni wani gida a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Matar gidan sana'arta ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya a leda, yara suna kai mata Kasuwar Dole. Da kuɗin adashe ta sayi firiza ta kwance mai lita 300, irin wadda mu nan muke haɗe su duka mu ce firigo. Aka kafa mata farantan sola, wato pano, da batir ɗaya mai bolt 12 da amfa-awa 200, da inbata, na'urar nan da ke juya wutar batir ta koma irin ta gari, wadda masu gyara a nan suka fi kira kwambatisa.

Ko zama ban yi ba ta fara: "Ɗana, da rana lafiya lau take aiki. Da asuba ne sai in ji ƙara tii-tii, jar fitila ta kama, kafin hantsi ƙanƙarar ta fara zuba. An ce in ƙara pano, na ƙara. Ga su can uku a kan ɗaki, amma kamar ban yi komai ba."

Abin ya taɓa ni, don na san yadda ake tara irin wannan kuɗin. Kuma na san tun kafin in buɗe jakar aiki cewa ba a kan rufi matsalar take ba. Da asuba babu rana, pano ko goma ne ba su ba da ko amfa ɗaya. Abin da ke faruwa a wannan lokaci tsakanin batir ne da waya da inbata da injin firiza, kuma duk yana faruwa cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Wanda ya taɓa tura kurar ruwa mai jarka goma ya san abin da nake nufi. In ta riga ta mirgina, yaro ma yana iya riƙe ta da hannu ɗaya. Amma a tayar da ita daga tsaye, tayoyi sun nutse cikin rairayi, sai babban mutum ya sa ƙirji. Injin firiza, kwamfaresa kenan, baƙar tukunyar nan da ke ƙasa ta baya, haka yake. A cikinsa akwai motar lantarki mai juya fistan yana matsa gas. Idan motar tana gudu, juyin da take yi da kansa yana tare wutar da ke shigarta, shi ya sa take jan kaɗan. A lokacin da take tsaye cik babu abin da zai tare, sai ta ja wuta ninki biyar zuwa takwas na abin da ta saba, har sai ta ɗauki gudu. A inji mai lafiya wannan bai cika wuce rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya ba. Kuma ba sau ɗaya ake yin sa a yini ba. Duk lokacin da tarmosta ta ga sanyi ya ragu ta kunna injin, sai an sake wannan ƙoƙari, dare da rana, sau da dama.

Na ce wa yarona ya jawo firizar daga bango. A takardar da ke manne a bayanta an rubuta wat 150, amfa 1.1, bolt 220. Wannan takardar ce ta ruɗi wanda ya yi mata aikin. Ya ga 150, ya ɗauko inbata mai wat 1000, a ransa ya ba da rara ninki shida. Muka kwance marfin gefe, na haska tocila a jikin injin kansa, na goge ƙura da yatsa. A can akwai wata takarda ƙarama, a kanta an rubuta `LRA 8A`. Wannan ita ce wutar da injin zai ja yayin da motarsa ke tsaye ba ta juya ba, kuma a kanta ake gina lissafin inbata.

```
8 A × 220 V = 1760 VA
```

Firizar wat 150 ke nan tana neman abin da ya kusa 1800 a lokacin tashi. Masu karatun wuta za su ce bolt sau amfa ba daidai yake da wat ba, kuma gaskiyarsu, wat ɗin ainihi yakan ɗan gaza haka. Ni dai a wurin aiki ina ɗaukar adadin gaba ɗaya, don inbata amfa take ji a jikinta, kuma gara rarar ta zauna a gefen mai kaya. Ba kowane inji ake samun wannan rubutu a jikinsa ba. In babu, sai a ɗauki amfar da ke takardar bayan firiza a ninka sau bakwai ko takwas. A nan 1.1 sau bakwai ya ba da kusan 8, ka ga sun haɗu. Wanda yake da mitar awartaki mai maɓallin `INRUSH` yana iya auna abin kai tsaye a kan wutar gari. Mita ta yau da kullum ba ta da saurin kama shi, kafin ta nuna lamba abin ya wuce.

Hajiya ta miƙo mini kwalin inbatar, ta nuna inda aka rubuta `PEAK 2000W` da manyan baƙaƙe. Ta ce, "To ai ga dubu biyu nan, ɗana. Ba ta fi abin da ka faɗa ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ake cutar mutane da yawa. Wannan lamba ba ta da amfani sai an faɗi tsawon lokacin da inbata za ta iya riƙe ta. Ƙananan inbatocin nan marasa nauyi, waɗanda za ka ɗaga da yatsu biyu, da yawansu ƙiftawar ido kawai suke iya ba da ninki biyun, wani ɗan yanki na daƙiƙa, alhali injin yana buƙatar a riƙe shi har ya ɗauki gudu. Masu nauyin nan da ke da babbar taransifoma a ciki su ne aka sani da jure ninki biyu ko uku na tsawon daƙiƙoƙi. Akwai marasa nauyi masu kyau su ma, amma za ka gane su da cewa littafinsu ya rubuta ƙarara: wat kaza na tsawon daƙiƙa kaza. Ƙa'idar da nake bi ita ce, in an rubuta lokacin kuma ya kai daƙiƙa uku zuwa biyar, sai in gwada lambar da buƙatar tashi, in ƙara rubu'i a kai. A nan 1760 da rubu'insa ya zama 2200. In kuwa ba a rubuta lokaci ba, ba na kallon wannan lambar sam, sai in nemi inbatar da ƙarfinta na dindindin ya kai buƙatar tashin.

Inbatar Hajiya tana da wani aibi kuma. Wutar da take fitarwa mai tsalle-tsalle ce kamar matakala, ba mai lanƙwasa sumul kamar ta gari ba. Fitila da cajin waya ba su damu ba, amma motar injin firiza tana damuwa: tana gurnani, tana ƙara zafi, ƙarfin tashinta yana raguwa. A ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40 a watan Afirilu da Mayu, inji bai da sauran wurin ɗaukar ƙarin zafi. Don firiza, sai wadda aka rubuta `pur sinus` ko `pure sine wave` a jikinta.

Duk da haka ban tsaya a kan inbata ba, domin akwai abin da bai warware ba: me ya sa da rana take tashi, da asuba ta ƙi? Inbatar dai ita ce, injin shi ne. Amsar tana gefen batir, kuma nan ne na fi so mai karatu ya natsu, don ko ka sayi inbata mafi tsada a kasuwa, in ka bar wannan gefen yadda yake, ƙarar tii-tii ba za ta daina ba.

Inbata ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da ta bayar a bolt 220 daga batir ta ciro shi a bolt 12, kuma tunda bolt ɗin kaɗan ne, amfar sai ta yi yawa. A ƙara da asarar da take yi a cikinta, wajen kashi 15 cikin 100:

```
1760 ÷ 0.85 ÷ 12 V ≈ 170 A
1760 ÷ 0.85 ÷ 24 V ≈ 86 A
```

Amfa 170. Wannan ya yi kusa da abin da ƙaramar mota ke ja in an murza makulli. Duk wanda ya taɓa buɗe bonat ya ga kaurin wayar da ke tafiya daga batir zuwa sitata. To wayar da na tarar a gidan Hajiya mai kaurin murabba'in milimita 10 ce, tsawonta mita ɗaya da rabi, an maƙale ta a kan batir da bakin kada irin na masu cajin batir. Wuta tana zuwa ta dawo, saboda haka mita uku ake ƙirgawa. Tagulla mai wannan kauri da wannan tsawo, in amfa 170 ta bi ta, tana cinye kusan bolt 0.9. Bakin kadan nan da ya yi tsatsa, wanda haƙoransa biyu ko uku kawai ke taɓa kan batir, a ba shi 0.4. Shi ma batir yana da tasa turjiyar a ciki: mai amfa-awa 200 mai lafiya zai sunkuya da kusan bolt 0.8 ko 0.9 a ƙarƙashin irin wannan nauyi, wanda ya tsufa ko ya sha zafi kuwa fiye da haka. A tara su, bolt biyu da ɗoriya sun tafi kafin wuta ta isa bakin inbata.

Yanzu a duba lokaci. Da tsakar rana pano suna ta zuba wuta, batir yana kan bolt 13.6 ko sama. A cire biyu da ɗoriya, saura 11 da wani abu. Inbata ta bolt 12 yawanci tana yanke wuta in abin da take gani ya faɗi ƙasa da 10.5, saboda haka da rana ana tsallakewa da ƙyar. Da asuba kuwa batir ya kwana yana ciyar da firiza, ya sauko wajen bolt 12 ko ƙasa kaɗan. A cire biyu da ɗoriya, an faɗa ƙasa da 10. Nan take inbata ta ɗauka batir ya mutu, ta yanke, ta fara kuka. Abin da ya ƙara dagula lamarin, yayin da bolt ke faɗuwa inbata tana ƙara jan amfa don ta cike, ƙarin amfar kuma ya ƙara kayar da bolt. Da zarar nauyi ya sauka, batir ya miƙe ya koma 12. Shi ya sa mai gyara zai zo da hantsi ya ɗora mita, ya ga lamba mai kyau, ya ce batir lafiya lau, a ƙara pano.

Akwai hanyar gane mai laifi ba tare da an sayi komai ba. A fara gwada firizar a wutar gari ko a janareta mai ƙarfi. In can ma tana gurnani ta ƙi tashi, to rile ɗin tashi ne, ɗan abin nan da ke taimaka wa injin ya fara juyawa, ko injin kansa, a kira mai gyaran firigo, ba ruwan sola. In ta tashi sumul, a dawo da ita kan inbata, a ɗora mita a kan ƙusoshin batir kansu, ba a kan maƙalin ba, wani ya kunna firiza kana kallo. Mita mai allura ta fi kyau a nan, ko mai maɓallin `MIN/MAX` da ke riƙe mafi ƙarancin abin da ta gani. A jira minti biyar, a maimaita da mitar a bakin inbata. In bolt ya zube tun a kan batir, batir ne ya gaza ko ya yi kaɗan. In a kan batir ya tsaya amma a bakin inbata ya zube, waya ce da mahaɗai. In duka biyun sun tsaya amma inbata ta yanke tana nuna alamar nauyi ya yi yawa, ita ce ƙarama. Wanda ba shi da irin wannan mita, ƙwan fitilar mota mai bolt 12 yana nuna abin da ido: a haɗa shi a kan batir a ga yadda yake dushewa lokacin tashi, a mayar da shi bakin inbata a gwada. A gidan Hajiya, da muka rage cajin batir da yamma muka gwada, ƙwan a kan batir ya ɗan yi ƙifta, a bakin inbata kuwa sai da ya koma ja kamar garwashi.

Ina cikin wannan sai na ji abin da na fi tsoro. Inbatar ta yanke, bayan ƴan daƙiƙoƙi ta dawo da kanta. Injin ya ɗauki gurnani, mmmm, bai juya ba, can sai ƙas! Na sa hannu a jikinsa, zafi kamar murfin tukunya. Na ce wa yaron ya zare fulogi maza.

Dalilin haka shi ne, in inji ya tsaya, gas ɗin da ya matsa yana nan da ƙarfinsa a gaban fistan, kuma sai ya ɗauki mintoci kafin ya sulale ta siririn bututu matsi ya daidaita. Rile ɗin tashi na yawancin firizojin yanzu ma wani ɗan dutse ne da ke yin zafi ya yanke da kansa, kuma sai ya huce kafin ya sake aiki. In wuta ta dawo kafin waɗannan biyun su shirya, motar ba za ta iya juyawa ba, sai ta zauna tana jan amfa 8 ɗin nan cif, na tsawon daƙiƙoƙi, har na'urar kariya da ke gefen injin ta ji zafi ta yanke. Ƙarar ƙas ɗin ke nan. Ta huce, ta sake haɗawa, a sake gwadawa. Kowane zagaye yana gasa wayoyin cikin injin, kuma a haka ake ƙona kwamfaresa sabuwa dal cikin wata guda. Duk lissafin da muka yi a baya an gina shi ne a kan tashi na rabin daƙiƙa. Wannan kuwa ba inbatar gida da aka yi don ta riƙa jure shi. Maganinsa ɗan akwati ne mai araha da ake sawa tsakanin soket da fulogin firiza, mai jinkirta wuta minti uku zuwa biyar duk lokacin da ta ɗauke ta dawo, yana kuma yankewa in bolt ya yi ƙasa ko sama da kima. Ni ba na barin gida ban sa shi ba, kuma in mai gida ya ce kuɗi sun ƙare, gara a rage wani abu daban.

Ga abin da muka yi. Mun tashi daga bolt 12 muka koma 24, domin da wannan kaɗai amfar tashi ta rabu biyu, daga 170 zuwa wajen 86. Batura biyu sababbi masu amfa-awa 200, iri ɗaya, sayen rana ɗaya, aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon bai lalace ba, amma ban yarda a haɗa shi da sabo a jeri ba, don mai rauni ne zai riƙa cika da wuri ya ƙare da wuri, ya ja ɗan'uwansa ƙasa. Shi aka ware wa fitilu da fanka. Regilatarta, na'urar da ke daidaita cajin batir daga pano, mai karɓar 12 da 24 ce, ta zauna. Inbata muka ɗauko mai bolt 24, mai tsabtatacciyar wuta, wat 1500 na dindindin, littafinta ya rubuta 3000 na tsawon daƙiƙa biyar. Ka ga 2200 da muke nema ya shige da rara, har in an kunna talabijin a kai ba za ta ji ba.

Waya muka sa mai kaurin murabba'in milimita 25, mita ɗaya kacal, da kawuna na tagulla da aka matse aka ɗaure da noti, da fis na wutar batir mai amfa 100 dab da kan batir. Wannan wayar a amfa 86 abin da take ci bai wuce bolt 0.12 ba. Baturan biyu su sunkuya da kusan 0.9. In da asuba suna kan 24.4, abin da zai isa inbata ya haura 23, ita kuwa sai wajen 21 take yankewa. Tazarar da a da babu ita ke nan. Wajen sayen waya a yi hattara, akwai wadda alminiyum ce aka shafa mata tagulla a sama. Ka kankare silinta ɗaya da wuƙa, in cikin fari ne, ajiye ta. Ba ta da nauyi a hannu, kuma asararta ta fi ta tagulla da fiye da rabi.

Wani zai ce, to me zai hana a sayi inbata mai wat 5000 a huta? Abin da zai hana shi ne inbata tana cin wuta ko ba a ɗora mata komai ba, kuma babba ta fi ci. Tamu tana cin wajen wat 18 a zaune. Manya akan samu mai cin 40 ko fiye, wanda a awa 24 ya kusa wat-awa 1000, wato amfanin pano ɗaya sukutum na yini guda ya tafi a banza, rabinsa kuma daga batir da dare. Sai ka ga an sayi babbar inbata don maganin asuba, ita kuma ta ƙara rage batirin da ake buƙata da asubar.

Masu sha'awar batirin litiyom su lura da abu ɗaya. Ba ya sunkuyawa kamar na darma, kuma wannan alheri ne. Amma a cikinsa akwai allon kariya mai iyakar amfa, kuma da yawa daga masu bolt 12 da amfa-awa 100 iyakarsu amfa 100 ce. In inbata ta nemi 170, allon yana iya yankewa ɗif, komai ya mutu kamar an zare waya, batir kuwa cike yake. A karanta iyakar da tsawon lokacin da aka yarda a wuce ta kafin a biya kuɗi.

Pano fa? Ba su ke tayar da inji ba, amma su ke yanke hukuncin yadda batir zai kai asuba, saboda haka na yi musu lissafi a taƙaice. A zafin bazara, ga buɗewa da rufewa, ga sabon ruwa kullum, na ɗauka injin zai yi awa 14 yana aiki a yini. Wat 150 sau 14 ya ba da wat-awa 2100. Da asarar inbata da cinta na zaune, ya kai wajen 2900. Rana ba ta yi mana rowa a Damagaram, amma ina lissafi da awa biyar na cikakkiyar rana, in kuma cire kashi 30 cikin 100 saboda zafi da ƙura da asarar caji. A haka pano mai wat 300 yana ba da wajen 1050 a yini, uku su ba da 3150. Sun isa, amma ba da yalwa ba. Na gaya mata lokacin hunturu in hazo ya sauka, a riƙa goge su duk kwana biyu da sassafe, kuma in ta samu hali kafin gizagizan Agusta ta ƙara na huɗu. Da dare firizar tana cin wajen 1500. A tsohon batir ɗaya wannan ya haura kashi 60 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kullum, abin da ke kashe batirin darma da wuri. A sababbin biyu bai kai sulusi ba.

Sauran gyaran ba na kuɗi ba ne. Firizar tana manne da bango a ɗakin kwano, muka matsar da ita zaure mai iska, aka bar mata tazarar taƙi ɗaya ta kowane gefe, don ta jikin bangonta take fitar da zafi. Inji mai zafi ya fi wahalar tashi. Sabon ruwa kuma a zuba shi da hantsi lokacin da rana ke biyan kuɗin daskarewa, ba da magariba ba. Wanda bai riga ya sayi firiza ba, ya duba takardar baya ya nemi harafin `T` a wurin ajin yanayi, shi ne wanda aka yi don zafin da ya kai digiri 43, `N` kuwa a 32 ya tsaya. In aljihu ya kai, akwai firizoji masu injin da ke tashi a hankali yana ƙara gudu, da kuma masu aiki da wutar batir kai tsaye a bolt 12 ko 24 ba tare da inbata ba. A waɗannan kusan duk maganar da muka yi ta fizgar tashi ba ta taso ba. Sai dai a tambaya tun farko ko akwai mai gyaransu da kayansu a gari.

Bayan kwana uku na koma, na yi sallar asuba a masallacin unguwar, na shiga da mita. Batura suna kan 24.5. Na zare fulogi na mayar, akwatin jinkiri ya ƙirga mintocinsa, injin ya tashi da ɗan kaɗawa ɗaya, mita ta riƙe 23.4. Hajiya ta ɗaga marfi ta ƙwanƙwasa ledar zoɓo a gefen firiza, ta yi ƙara kamar dutse.

Tana rufe marfin ta ce, "To ɗana, in Allah ya hore na ƙaro ta biyu kafin azumi, wannan inbatar za ta ɗauka?"

Na ce za ta ɗauka, Hajiya, amma da sharaɗi. In su biyun suka tashi tare, 1760 sau biyu ya zama 3520, ya wuce 3000 da inbata ke iyawa. In kuwa ɗaya tana gudu ɗayar ta tashi, abin bai fi 2000 da kaɗan ba. Saboda haka kowace da nata akwatin jinkiri, ɗaya a saita shi minti uku, ɗaya minti biyar, don kada su haɗu a duk lokacin da wuta ta dawo. Tarmostocinsu na iya yin karo jefi-jefi, kuma in hakan ta faru inbata za ta yanke, akwatunan su raba su a dawowa. Pano kuwa sai sun koma shida, dare kuma zai ci wajen kashi 60 cikin 100 na baturan nan biyu, wato sai an ƙara wani jerin kafin a kawo firizar.